Muhawara: wannan mai kunya uku da ta ƙi tsayuwa, ƙerana ce ko kaktus?

Ɗan Hayin Banki:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimako a kan wata shuka da ƙanwar mahaifiyata ta bar mini da za ta tashi daga gidan haya. Ta ce a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi ta saye ta wajen shekara uku da suka wuce, sunan da aka gaya mata kawai shi ne kaktus. Ba ta da ganye ko ɗaya. Jikinta kore ne, kusurwa uku, wato idan ka yanka ta a gicciye za ka ga kamar murhu mai duwatsu uku. Akwai 'yan ƙayoyi gajeru a bakin kowace kusurwa. Gindin gajere ne, bai fi tsawon yatsa ba, sai rassa biyu suka fito daga gefensa, ɗaya ya kai kamu biyu, kuma duk sun ƙi tsayuwa, sai kwanciya suke yi a jikin katanga. Na ɗaure su da sanda sun sake sunkuyowa. Ciwo ne ko haka halittarta take? Kuma mene ne sunanta na gaskiya?

Na Kawo:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba sai an wahala ba. Kusurwa uku, kore, ƙaya gajeru, Euphorbia trigona ce, 'yar uwar ƙerana. Sunan ma ma'anarsa mai kusurwa uku. Ina da ita har tukunya huɗu a gida. Kwanciyar da take yi rashin rana ne, ka fitar da ita fili za ta miƙe. Kuma ka kiyayi nononta, yana ƙuna.

Maman Biyu:
Ni dai a sanina ruwa ne ya yi mata yawa. Yanzu Agusta muke, ka ga yadda ake kwana ana ruwa a garin nan. Tawa haka ta yi bara, ta yi laushi ta kwanta, kafin sati biyu ta ruɓe. Ka shigar da ita ƙarƙashin rumfa.

Ɗan Hayin Banki:
Na gode Maman Biyu, amma ba laushi ta yi ba. Jikinta da ƙarfi, har sabon toho take yi a kai. Kwanciyar ce kawai. Yaya na Kawo, rana kuwa tana samu tun daga hantsi har la'asar.

Malam Mai Lambu:
Sannunku. Na Kawo, ban ce ba ita ba ce, amma ka yi saurin yanke hukunci. Ƙirgen kunya shi kaɗai ba ya fitar da suna. Ni kunya nake kiran waɗannan layukan da suka taso a jikin shukar, kwarin da ke tsakaninsu kuma kwari, kamar dai a gona. Masu kunya uku da ke yawo a tukwanen Kaduna sun kai iri uku ko huɗu, wasunsu kuma ko dangi ba su haɗa ba. Kafin a ƙirga kunya, ana fara duba mazaunin ƙaya ne.

Ɗana na Hayin Banki, ɗauki shukar ka kai ta haske, ka matso da idonka sosai kan wuri ɗaya da ƙaya ta fito, a tsohon reshe, kada ka duba sabon toho. Abu biyu za ka iya gani. Ko dai ka ga wani ɗan matashi zagayayye mai gashi-gashi, kamar an ɗiga auduga ko an manna ɗan ƙullin zare, ƙayoyin suna fitowa daga cikinsa. Ko kuma ka ga ƙaya biyu cif, sun rabu hagu da dama kamar ƙahon saniya, suna zaune a kan wani ɗan tauri mai santsi kamar farce, babu gashi ko kaɗan. Na farkon shi ne alamar kaktus na gaskiya. Duk kaktus na duniya yana da wannan matashin, daga nan ƙaya take fita, daga nan fure yake fita, daga nan reshe yake fita. Babu wani dangin shuka da ke da shi. Na biyun kuma dangin ƙerana ne.

Bayan haka ka samu allura mai tsabta ka ɗan soka a bakin kunya. Ka kawar da fuskarka, kada ka sa yatsa. Ka gaya mana abin da ya fito.

Ɗan Hayin Banki:
To Malam, na duba. Akwai ɗan matashin, ƙarami ne ƙwarai, launin toka-toka. A wasu wuraren ƙaya ɗaya ce, wasu biyu, na ga mai uku ma. Gajeru ne masu kauri a gindi, na sa rula ba su wuce milimita 3 ba. Tsakanin matashi da matashi kusan santimita 3 zuwa 4. Na soka allura wuri biyu, ruwa ne garai ya fito, mai ɗan yauƙi kamar na kuɓewa. Babu fari ko kaɗan.

Na Kawo:
Ikon Allah. Tawa kuwa ko ganye ka tsinke sai nono ya biyo. To amma Malam, ba zai yiwu don damina ce nonon ya tsinke ya koma ruwa ba?

Malam Mai Lambu:
A'a. Da damina ma ya fi zuba. Da rani ne, idan shukar ta sha ƙishi, za ka soka ka ga ɗigo kaɗan, amma farin yana nan. Kuma kai da kanka ka kawo wata shaidar, ka ce ganye. Je ka dubi taka yanzu. Za ka ga a kowane mazauni ƙaya biyu ne, ɗan ganye mai siffar ɗigon hawaye yana fitowa a wurin, musamman a saman rassa a irin wannan lokaci. A fuskar jikinta akwai zane mai haske-haske da ke bin tsakiya yana bazuwa gefe. Rassanta kuma suna fita su lanƙwasa sama nan take, su tsaya ƙyam kusa da uwar kamar sahun salla. Ko a inuwa ka ajiye ta, sai dai ta yi siriri, amma sama za ta nufa. Ta ɗanmu ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Ɗana, saura tambaya uku. A jikin rassan da suka jingina da katanga, ka ga wasu saiwoyi sirara suna fitowa daga cikin kwari suna neman kama bulo? Bakin kunyar a miƙe yake kamar wuƙa, ko yana hawa da sauka? Sannan ka dubi saman wannan gajeren gindin, yaya yake?

Ɗan Hayin Banki:
Wallahi akwai saiwoyin. Na ɗauka alamar ciwo ce, har na tsinke wasu. Launin ƙasa-ƙasa ne, sun manne da siminti. Bakin kunyar yana hawa da sauka, kuma a tsohon reshen akwai wani siririn layi mai ruwan ƙasa, busasshe, yana bin bakin. Saman gindin kuwa a shafe yake, kamar an sa reza an yanke, ya warke ya yi tabo fari.

Malam Mai Lambu:
Alhamdu lillahi, magana ta fito. Shukarka kaktus ce mai hawa, wadda ake kira Hylocereus undatus, a sababbin littattafai kuma za ka ga an mai da ita Selenicereus undatus. Ita ce mai haifar da 'ya'yan da ake sayarwa da sunan diragon furut. Kunya uku sirara kamar fiffike, baki mai hawa da sauka da wannan layin mai tauri, ƙaya ɗaya zuwa uku gajeru, saiwa a jikin reshe, duk nata ne. Ba ta da ciwon komai. A inda ta fito, yankin Meziko da Amurka ta Tsakiya, bishiya da dutse take bi, shi ya sa duk ɗaurin da za ka yi mata ba za ta tsaya da ƙafarta ba.

Tabon nan na sama kuma shi ne tarihin tukunyar. Ka tambayi innarka ko lokacin da ta saye ta akwai wata 'yar ƙwallo ja ko rawaya a kai.

Ɗan Hayin Banki:
Na kira ta yanzu. Ta ce ƙwarai kuwa, ja ce jawur kamar tumatir, saboda ita ma ta saya. Wai bayan shekara ɗaya da wani abu ta yanƙwane ta faɗi, ta ɗauka furen ne ya ƙare.

Malam Mai Lambu:
Ba fure ba ne. Shuka biyu ce aka yi wa aure, kamar yadda ake auren mangwaro. Ta saman wata kaktus ce daban, Gymnocalycium mihanovichii, irin da aka zaɓo wadda ba ta da koren da shuka ke haɗa abinci da shi. Ita kaɗai ba za ta rayu ba, sai a yanke kan wannan mai kunya ukun a ɗora ta a kai tana shan abincinta. Auren ba ya daɗewa, shekaru kaɗan ne mahaɗar take rabuwa ko kan ya bushe. Da kan ya tafi, sai gindin ya samu kansa ya fara fitar da rassa daga matasansa. Abin da ke hannunka ke nan.

Abu ɗaya zan rage. Dangin na tabbata da shi. Ainihin nau'in kuwa, na ce undatus ne saboda wannan layin mai tauri da gajartar ƙaya, kuma ita aka fi yin auren da ita, amma tana da 'yan uwa masu kama da ita sosai. Fure da 'ya'ya ne za su rufe maganar. Furenta fari ne babba, tsawonsa yakan kai santimita 25 zuwa 30, da dare yake buɗewa, kafin hantsi ya yi yaushi.

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum. Baba Malam, Allah ya ƙara sani. Ina da ƙari biyu idan an ba ni dama. Na farko, akwai wata kaktus ɗin mai kunya uku zuwa biyar da ita ma take sunkuyawa, Acanthocereus tetragonus, kada wani ya karanta wannan ya ce duk mai matashi da kunya uku diragon ce. Ita ƙayoyinta dogaye ne, ta tsakiya takan kai santimita 3 ko 4, ga wasu biyar ko fi a kewaye da ita. Da ita ce a hannun yayanmu na Hayin Banki, da bai iya kama ta da hannu ya ɗaure ba.

Na biyu, gwajin allura. Ina jin tsoron mutane su riƙe cewa farin nono daidai yake da ƙerana a kowane hali. Akwai kaktus na gaskiya a dangin Mammillaria da idan ka soka su farin nono ne ke fita. Kuma a ɗaya ɓangaren, karan masallaci da muke da shi a nan Arewa ba ya fitar da farin nono, ga kusurwa huɗu, amma ba kaktus ba ne. Haƙoran da ke bakinsa masu laushi ne, naman jikinsa ne ya yi tsini, babu matashi babu ƙaya ta gaskiya.

Malam Mai Lambu:
Gaskiyarki 'yata, kin gyara mini. Shi ya sa na sa duban matashi a gaba, allura a baya. Nono shaida ce ta biyu. Sai dai a masu tsayi irin wannan da muke magana a kai, ban taɓa ganin allura ta yi ƙarya ba. Masu nonon da kika ambata dunƙulallu ne, ba su da kunya ma sam, jikinsu ƙululu ne ƙululu a jere, ba mai haɗa su da ƙerana.

Baba na Sabon Tasha:
Ina ta karatu ina jin daɗi. Ni a ƙauyenmu can wajen Kafanchan da ƙerana muka tashi, ita ce shingen gona da na gida tun kakanni. Amma abin da na Kawo yake kira 'yar uwar ƙerana, na tukunya, ban yarda ita ce tamu ba. Tamu bishiya ce, tana fin ɗaki tsayi, gindinta ya yi itace. Kunyarta huɗu ce ko biyar, kuma reshen gaɓa-gaɓa yake, ya kumbura ya tsuke, ya kumbura ya tsuke. Ƙaya biyu-biyu, haka ne. Muna yara an hana mu ko karya ta. Akwai wani abokin wasana da nonon ya fallatsa masa a ido, kwana uku idon a kumbure ba ya buɗuwa, uwarsa tana ta wanke masa da ruwa. Allah ya sa bai rasa idon ba.

Tambayata Malam, tinya fa? Yara yanzu duk kaktus suke ce musu.

Malam Mai Lambu:
Yaya, barka da zuwa. Abin da ka faɗa daidai ne, dangi ɗaya ne amma nau'i daban. Ƙerana ta shinge a littafi Euphorbia kamerunica ce, kodayake akwai wasu masu kama da ita da ake shinge da su a ƙasar Filato da kudancin jihar nan, su ma ƙerana mutane ke ce musu. Wannan gaɓa-gaɓar da ka ambata babbar alama ce, kowace gaɓa girman lokaci guda ce, ta tukunya kuwa tsukewarta kaɗan ce.

Tinya ita ma gidansu ɗaya, amma siffarta ta sha bamban. Ba ta da kunya ko ɗaya. Rassanta mulmulallu ne masu kauri, launin toka kamar azurfa, ganye a tattare a can ƙarshen reshe da damina, da rani ya zube. Ƙayarta ɗaya ce a kowane mazauni, shi ya sa aka sa mata Euphorbia unispina. A wurare masu duwatsu aka fi ganinta. Nononta ya fi na ƙerana sharri, mutanen da sun san shi a dafi.

Duk waɗannan namu ne na Afirka. Kaktus kuwa baƙi ne, asalinsu nahiyar Amurka, in ban da guda ɗaya siririya mai rataya a bishiya, Rhipsalis baccifera, da ake samu a dazuzzukan Afirka. Don haka duk wata mai ƙaya da kakanninmu suka gada a shinge suka ba ta suna, ka fara zaton ƙerana kafin kaktus. Wanda nono ya shiga idonsa, a yi ta zuba ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti, kada a jira a ga ko zai lafa.

Hajiyar Malali:
Tunda an buɗe fage bari in kawo tawa. Ita dunƙulalliya ce, girman lemun taba, koriya shar. Matashin nan da ake magana akwai shi, fari tas, don haka na san kaktus ce. Ta cika tukunya da 'ya'ya, na ƙirga goma sha ɗaya, wasu a gindi wasu a ɗan sama a jikinta, da ka taɓa su sai su ɓalle, wasu ma da 'yar saiwarsu. Wanda ya sayar mini ya ce irin babbar nan ce mai ƙaya ruwan zinariya da ake gani a hotuna, wai nan da shekaru za ta kai girman tulu. Shekara huɗu ke nan ba ta wuce haka ba sai haihuwa. Na ƙirga kunya sau uku, na samu 12, na samu 13, na sake samun 12. A jikin 'ya'yan kuma 9 ko 10. To wanne zan ɗauka?

Malam Mai Lambu:
Hajiya, barka da yamma. Ƙirgen dunƙulalliya yana ruɗa ido saboda babu farko babu ƙarshe. Ki soka tsinken sakace a ƙasar tukunya daidai kunyar da kika fara da ita, ki riƙa juya tukunyar kina bi har ki dawo kan tsinken. Ki ƙirga a tsakiyar jiki, wurin da ya fi faɗi. Idan kika ƙirga daga can sama za ki iya samun ƙari, domin idan shukar tana girma kunya ɗaya takan rabu biyu daga sama, sabuwar ba ta sauko ƙasa ba tukuna. Ina zaton abin da ya ba ki 12 da 13 ke nan, duka biyun gaskiya ne. Na 'ya'yan kuma ki bar shi, ƙaramar shuka kullum kunyarta ba ta kai ta uwa ba. Littattafai ƙirgen babba suke bayarwa, kuma tsakanin kaza da kaza suke cewa, ba lamba ɗaya ba.

Maganar mai sayarwa kuwa, ba ita ba ce. Waccan Echinocactus grusonii ce. Ita kaɗai take zama shekara da shekaru ba ta haihuwa, ƙayarta rawaya ce mai kauri da tsawo har tana rufe jiki, babbarta kunya ta haura 20, tana kaiwa 30 da wani abu. Tana ƙarama ma kunyar ba ta fitowa sosai, ƙululu ne. Shukar da ta ba ki 'ya'ya goma sha ɗaya tana girman lemu ta fita daga wannan layin tun a nan.

Yaya ƙayar taki take, kuma kunyar a miƙe take daga sama har ƙasa?

Hajiyar Malali:
Na yi na tsinken, 12 ne a tsakiya, kuma na ga wadda ta rabu a sama kamar yadda ka ce. Kunyar a miƙe take, bakinta da kaifi. Ƙayoyin gajeru ne, baƙi-baƙi, a kowane matashi sun fi goma, ba su wuce rabin santimita ba. Amma abin mamaki na jikin 'ya'yan sun fi tsawo da laushi, kuma farare.

Na Kawo:
Wannan kam Gymnocalycium ce, irin koriyar. Ina da ɗaya, ita ma dunƙulalliya ce mai 'ya'ya.

Ɗalibar Samaru:
Yaya na Kawo, duba taka da kyau. A Gymnocalycium kunyar ba ta tafiya santal, a ƙarƙashin kowane matashi akwai ɗan tudu kamar haɓa, sau da yawa da tsaga a gicciye. Ta Hajiya miƙaƙƙiya ce mai kaifi. Ni Echinopsis nake gani.

Malam Mai Lambu:
Ni ma can na karkata. Dunƙulallen jiki, kunya miƙaƙƙiya 12, farin matashi, yawan 'ya'ya masu ɓallewa da saiwarsu, da ƙayar 'ya'ya da ta bambanta da ta uwa, duk halin Echinopsis ne na yankin kudancin Barazil da Yurugwai da arewacin Ajantina. Masu gajeriyar ƙaya irin wannan a da Echinopsis eyriesii ake ce musu, masu doguwa kuma Echinopsis oxygona. Yanzu masana da yawa sun haɗe su a suna na biyun. Ƙari a kan haka an daɗe ana barbara su da juna a gidajen renon shuka, har yawancin na tukwane ruwa biyu ne. Saboda haka ni a dangi zan tsaya, ba zan rantse a kan nau'i ba.

Fure zai raba ku da na Kawo. Idan tohon furen ya fito da gashi buzu-buzu kamar ɗan ƙullin auduga mai toka, ya yi ta tsawo har wajen santimita 15 zuwa 20 kamar kakaki, ya buɗe da dare fari ko ruwan hoda, Echinopsis ce. Idan tohon sumul yake, mai ɓawo-ɓawo kamar na kifi, babu gashi ko ɗaya, na Kawo ya yi gaskiya.

Na Kawo:
Na duba tawa, haɓar tana nan kam. Amma ban sauka ba tukuna, domin Hajiya ba ta ce ta duba haɓa ba, kaifi kawai ta ce. A jira furen.

Hajiyar Malali:
To ai matsalar ke nan, ba ta taɓa fure ba ko sau ɗaya. A baranda take, rana ba ta samunta sai ta yamma kaɗan, kuma kullum ina ba ta ruwa har da hunturu.

Malam Mai Lambu:
Biyu ne ke hana ta. Ki rage 'ya'yan, ki bar biyu ko uku, sauran ki shanya su a inuwa kwana huɗu ko biyar mahaɗar ta bushe kafin ki dasa. Sannan daga Disamba zuwa Fabrairu ki ɗauke mata ruwa kusan gaba ɗaya, ta sha sanyin hunturu a bushe, a wurin da take samun ranar safe. Za ki ga ta ɗan tsuke, kwarin ya zurfafa, kunyoyin sun matso kusa da juna. Kada ki tsorata, yawan kunyar bai canza ba, naɗewa ta yi, da ta sha ruwa za ta buɗe. Ban yi miki alkawarin fure ba, domin sanyinmu na Kaduna bai kai na ƙasarsu ba, na ga waɗanda suka yi a nan, na ga waɗanda suka ƙi.

Maman Biyu:
Malam to tawa da ta ruɓe bara, ita wace ce? Doguwa ce, shuɗi-shuɗi, kunya shida, na tuna da fararen ɗigo a bakin kunyar da ƙaya da yawa.

Malam Mai Lambu:
Da wannan bayanin kaktus ce, kuma ta fi kama da dangin Cereus, amma masu tsayi shuɗi-shuɗi da kunya shida suna da yawa, tunda kuma babu ita ba mu da abin dubawa. Idan akwai tsohon hotonta a waya, ki turo wanda ya nuna ta daga sama da wanda ya matso kan matashi.

Ɗan Hayin Banki:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya na Kawo da kowa. Na kwance ɗaurin. To yanzu in bar ta ta bi katangar, ko in kafa mata wani abu? Kuma wannan 'yar tukunyar roba da ta zo da ita, in canza?

Malam Mai Lambu:
Ka canza, waccan don ƙwallon aka yi ta. Samu babban bokiti ka huda gindinsa da kyau, ƙasa mai yashi da ruɓaɓɓen taki, domin ita ta fi sauran kaktus son ruwa da abinci, sai dai ba ta son ya kwanta mata. Ka kafa turke mai ƙarfi da ya kai ƙirjinka, ka naɗe shi da buhun algarara saiwoyin su samu abin kamawa, ka ɗaure reshe mafi ƙarfi a jiki da tsumma. Idan ya kai sama ka bar shi ya zubo, a rassan da suka rataya take yin fure. Zafin Maris da Afrilu yana ƙona ta ta yi rawaya, ka sa ta inda inuwa ke rufe ta bayan azahar. Ka bari ruwan Agusta ya ɗan lafa kafin ka taɓa saiwarta.

Baba na Sabon Tasha:
Idan ta yi reshe na uku ka ajiye mini, ɗana. Zan zo Hayin Banki in karɓa da kaina.